Wasannin Koyon Harshe ga Manya: Wanne Ke Buɗe Baki, Wanne Ke Cin Lokaci

Babbar matsalar baligin da ya koma koyon Turanci, ko Faransanci, ko Larabci, ba kasafai take zama rashin sanin kalmomi ba, domin da yawa daga cikin masu zuwa ajin yamma sun taɓa zaman makaranta, suna iya karanta allon sanarwa, suna kuma fahimtar rabin abin da ake faɗa a rediyo. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka ce su buɗe baki su nemi wani abu, ko su yi bayani, ko su musanta wata magana, sai kalmar da suka sani sarai ta maƙale, jimlar kuma ta ƙi haɗuwa kafin abokin magana ya gaji da jira. Masana koyar da harshe suna bambanta sani na ganewa, wato mutum ya fahimci kalma idan ya ji ta ko ya gan ta, da sani na sarrafawa, wato ya iya zaƙulo ta daga ƙwaƙwalwarsa ya sa ta a jimla a daidai lokacin da yake bukata. Na farkon yakan fi na biyun yawa nesa ba kusa ba, kuma wasa yana da amfani ga mai koyo ne gwargwadon yadda yake mayar da na farkon ya koma na biyun.

Abin da ake nufi da wasa a nan shi ne duk wani aiki mai ƙa'idoji da aka amince da su, mai manufar da ake son cim ma, wanda kuma ake iya gane ƙarshensa, ko da an ci ko an faɗi. Sai dai ba kowane wasa mai ɗauke da kalmomi ne ke koyar da harshe ba, kuma akwai tambaya ɗaya da ke rarrabe tsaki da tsakuwa: shin mutum zai iya yin nasara a wannan wasa ba tare da ya fahimci abin da ake faɗa ba, ko ba tare da ya faɗi abin da wani zai fahimta ba? Idan amsar ita ce zai iya, to duk daɗin wasan, abin da yake horarwa wani abu ne daban da harshe.

Darasin Sikirabul

Babu wasan da ya fi fito da wannan batu fili kamar Sikirabul, wasan jera haruffa da 'yan Najeriya suka yi fice a kansa a duniya. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, sannan James Brunot ya ba shi sunan da aka san shi da shi a 1948. Allonsa yana da gidaje 225, goma sha biyar a tsaye da goma sha biyar a kwance, kuma a na Turanci akwai 'ya'ya 100, waɗanda kowannensu ke ɗauke da harafi da makinsa, ban da guda biyu da aka bari babu rubutu don su maye gurbin kowane harafi. Makin harafi ya dogara ne da ƙarancinsa a cikin harshen, shi ya sa E, wanda ke da 'ya'ya 12, maki ɗaya kawai yake kawowa, alhali Q da Z, masu ɗa ɗaya kowannensu, suna kawo maki goma-goma. Kowane ɗan wasa yana riƙe da haruffa bakwai, kuma wanda ya zuba dukkansu a zubi ɗaya yana samun ƙarin maki 50.

A shekarar 2015 Wellington Jighere na Najeriya ya lashe gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostireliya, inda ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. A cikin wannan shekarar kuma wani abu ya faru a Beljiyam wanda ya fi shafar mai koyon harshe, domin Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Sikirabul ɗin Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, bayan ya shafe kimanin makonni tara yana haddace jerin kalmomin da aka halatta. Ya maimaita irin wannan bajinta a 2024 a gasar Sifaniyanci da aka yi a Granada. Abin da ya haddace siffofin kalmomi ne, wato jerin haruffa da ƙa'ida ta yarda da su, babu ruwansa da ma'anarsu, balle yadda ake furta su ko inda suke zama a jimla. Wasan bai taɓa tambayarsa ma'ana ba, don haka bai nemi ya san ta ba.

Akwai kuma matsalar irin kalmomin da wasan ke saka wa mutum da lada a kansu. Kundin kalmomin da ake amfani da shi a gasannin ƙasa da ƙasa na Turanci yana ɗauke da sama da kalmomi 270,000, kuma abin da gwanaye ke fara haddacewa shi ne kalmomi masu haruffa biyu, waɗanda yawansu ya haura 120, irin wadda ake haɗawa da Q da I, da yawa daga cikinsu ma Baturen Ingila bai taɓa jin su a bakin kowa ba. Mai koyo kuwa bukatarsa tana wani ɓangaren, domin binciken masana irin su Paul Nation ya nuna cewa kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawan fitowa, tare da rassansu, su ne ke cike kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na rubutu da maganar yau da kullum, gwargwadon irin rubutun. Wannan bai sa Sikirabul ya zama marar amfani ba, tun da yana gyara ƙa'idar rubutu, yana kuma sa ido ya saba da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙananan gaɓoɓin da ake liƙa wa kalma a gaba ko a baya don sauya aikinta. Malamin da ke son ya more shi sai ya ƙara masa doka ɗaya, cewa babu maki sai ɗan wasa ya sa kalmar da ya jera a cikin jimlar da abokan wasa suka yarda da ita. Da wannan doka kaɗai, hanyar da Richards ya bi ta toshe.

Giɓin bayani

Wasannin da suka fi buɗe bakin mai koyo an gina su ne a kan abin da ake kira giɓin bayani, wato yanayin da mutum ɗaya ya san wani abu da ɗayan bai sani ba amma yake bukata, kuma babu hanyar da bayanin zai ƙetara daga wannan zuwa wancan sai ta harshen da ake koyo. Ɗaya daga cikin masanan da suka fayyace wannan tunani shi ne N. S. Prabhu, wanda ya jagoranci wani gwajin koyar da Turanci a makarantun kudancin Indiya daga 1979, wanda aka fi sani da aikin Bangalore, ya kuma bayyana sakamakonsa a littafin da ya wallafa a 1987. Ɗalibansa yara ne, amma dalilin da ya sa tsarin ke aiki bai keɓanta da yara ba. A darasin da aka saba, malami yana tambayar abin da ya riga ya san amsarsa, kamar ya ɗaga alƙalami ya ce mene ne wannan, kowa a ajin kuma ya san cewa tambayar ta jarrabawa ce. Idan kuwa mai tambaya bai san amsar ba da gaske, to dole ya tsara tambayarsa yadda za a gane, dole kuma ya saurari amsar, domin matakinsa na gaba ya rataya a kanta.

Hujja ta biyu ta fito ne daga Kanada, inda Merrill Swain ta yi nazarin yara masu jin Turanci da aka koyar da su dukkan darussa da Faransanci shekara da shekaru. A 1985 ta nuna cewa duk da sun ƙware wajen fahimta, nahawunsu a magana da rubutu bai kai na masu harshen ba, ta kuma danganta hakan da ƙarancin lokutan da aka matsa musu su yi magana mai tsawo kuma daidai. Mai sauraro yana iya cafke ma'ana daga manyan kalmomi biyu ko uku ya bar sauran su wuce, amma mai magana ba shi da wannan mafaka, domin sai ya zaɓi lokacin aikatau, ya jera kalmomi a tsarinsu, kuma a nan ne yake gano ramin da ke cikin saninsa.

Misali mafi sauƙi shi ne wasan tambayoyi ashirin, wanda ba ya bukatar komai sai mutum biyu. Ɗaya ya ƙudurta wani abu a ransa, ɗayan kuma ya gano shi ta hanyar tambayoyin da amsarsu ba ta wuce e ko a'a, bai kuma wuce guda ashirin ba. Ga mai jin Hausa wannan ba baƙon abu ba ne ƙwarai, domin yana da dangantaka da kacici-kacici, sai dai a can mai ba da wasan ne ke yin yawancin maganar, wanda ya kasa kuma ya ba da gari a faɗa masa amsa, alhali a nan nauyin maganar yana kan mai nema. Ashirin ta isa ne saboda lissafi: idan kowace tambaya ta raba abubuwan da ake zato gida biyu daidai, to tambayoyi ashirin za su iya ware abu ɗaya daga cikin 1,048,576. Mai wasan da ya fara da cankar sunaye ɗaya bayan ɗaya zai ƙare tambayoyinsa a banza, don haka wasan da kansa yake tura shi ga tambayoyin da suka shafi jinsi da siffa da amfani, waɗanda su ne ke buƙatar cikakkiyar jimla.

A ɗauka abin da aka ɓoye keken ɗinki ne, ana kuma yin wasan da Turanci. Mai nema zai fara da tambayar ko abin mai rai ne, a ce a'a, sannan ko mutum ne ya ƙera shi, a ce e, sannan ko ana samun sa a cikin gida, a ce e. Ya tambaya ko ana cin sa, a ce a'a, ko da ƙarfe aka yi shi, a ce e. Da ya tambaya ko yana aiki da lantarki sai mai amsa ya tsaya, domin akwai na ƙafa akwai na wuta, kuma saboda irin wannan ne ya kyautu a halatta amsa ta uku tun farko, wato wani lokaci. Daga nan sai ko ya fi kujera nauyi, ko ana neman kuɗi da shi, ko tela na amfani da shi, kuma a tambaya ta goma an kama shi. A cikin minti uku ko huɗu mai nema ya gina tambayoyi goma, kuma ba da tsari ɗaya ba: akwai ta siffantawa, akwai ta kwatanta nauyi, akwai kuma irin jimlar da ba a ambaci mai aikatawa ba, wadda Hausa ke yi cikin sauƙi da kalmar ana, amma Turanci ke buƙatar sauya siffar aikatau kafin a same ta.

Abin da wannan wasa ke horarwa ya faɗa daidai inda mai jin Hausa ke tuntuɓe. A Hausa ana iya mayar da jimlar bayani ta zama tambaya ta hanyar sauya karin murya kawai, ko a sa shin a farko, ko a sa ko a ƙarshe, ba tare da an taɓa jerin kalmomin ba. Turanci kuwa yana son a ɗauko aikatau mataimaki, wato ƙaramar kalmar da ke rakiyar babban aikatau tana ɗaukar lokaci, a kawo shi gaban aikau, idan kuma jimlar ba ta da shi sai a aro ɗaya a sa. Mai koyo yakan san wannan doka a takarda, amma da zarar hankalinsa ya tafi ga gano abin da aka ɓoye sai ya koma tsarin Hausa, ya faɗi jimlar bayani ya ɗaga murya a ƙarshe. Za a fahimce shi, kuma nan ne haɗarin yake, domin idan ana amsa masa a haka, wasan zai ƙara kafe kuskuren ne. Maganin shi ne dokar da ke cewa tambayar da ba ta tsaru ba ba a amsa ta, amma kuma ba a ƙirga ta cikin ashirin ɗin, sai mai ita ya sake gina ta, idan kuma a ƙungiya ake yin wasan, abokan ƙungiyarsa suna da damar taimaka masa. Ta haka daidaiton jimla ya zama kuɗin sayen amsa, ba tare da an mai da kuskure abin hukunci ba.

Ga waɗanda suka ɗan yi nisa akwai wasan da za a iya kira ina kake jiya, wanda ake shirya shi kamar binciken 'yan sanda. Ana ƙirƙiro wani ƙaramin laifi na raha, a ce an shanye shayin malami tsakanin la'asar da isha'i, sai a zaɓi mutum biyu a matsayin waɗanda ake zargi, a ba su minti biyar su fita su shirya labari ɗaya na inda suka kasance tare a wannan lokaci. Sauran ɗalibai su kasu gida biyu, kowane gida ya rubuta tambayoyi, sannan a yi wa waɗanda ake zargin tambayoyi a rarrabe, kowanne minti biyar a gaban kowane gida, a ƙarshe a gwada amsoshin. Idan aka sami saɓani uku, misali ɗaya ya ce a Keke Napep suka je kasuwa ɗayan ya ce a ƙafa, ko suka bambanta a kan wanda ya biya kuɗin tsire da launin rigar mai shagon, to an kama su. Daɗin wasan yana cikin tambayoyin da ba a yi tsammani ba, waɗanda ke tilasta wa mai amsa ya ƙirƙiro magana nan take.

A nan shuɗaɗɗen lokaci ake horarwa, kuma shi ma wuri ne da harsunan biyu suka raba hanya. Hausa tana ɗora alamar lokaci ne a kan ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau, kamar yadda ake gani a na sayi da zan sayi, inda aikatau bai motsa ba. Turanci yana sauya jikin aikatau ɗin ne, kuma yawancin aikatau da aka fi amfani da su, irin na tafiya da ci da gani da saye, ba sa bin ƙa'idar gama-gari, sai an haddace kowanne. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a cikin tambaya alamar lokacin tana komawa kan mataimaki, babban aikatau kuma ya koma siffarsa ta asali, don haka mai tambaya da mai amsa suna amfani da siffofi biyu na kalma ɗaya a jere. Kuskuren da aka fi ji shi ne sa alamar a wuri biyu, a kan mataimaki da kuma a kan aikatau. A zagaye ɗaya na wannan wasa ana iya jin wannan tsari sau talatin ko arba'in, adadin da zai gundiri kowa idan a kan allo aka rubuta shi a matsayin aikin cike gurbi.

Furuci ma yana da nasa wasan, wanda ake yi da mutum biyu da suka juya wa juna baya, ɗaya yana riƙe da hoto ko jerin farashin kaya, ɗayan yana zana ko rubuta abin da aka faɗa masa. Hausa ba ta bambanta sautin P da na F a matsayin masu sauya ma'ana, alhali kalmar Turanci ta fanka da ta kaskon suya a wannan harafin farko kaɗai suka rabu, haka kuma sha uku da talatin, ko sha biyar da hamsin, suna kama da juna ƙwarai sai a ƙarshensu da kuma gaɓar da ake dannawa. Idan aka juyo aka ga an zana kasko a saman silin, ko an rubuta 50 inda ake nufin 15, kuskuren ya bayyana kansa ba tare da malami ya ce uffan ba, kuma ɗan kasuwar da ya ga haka ya san abin da irin wannan kuskure zai ja masa a ciniki.

Inda abin ke lalacewa

Hanya mafi sauƙi ta gane ko wasa yana aiki ita ce a ƙirga lokacin maganar kowane mutum. Idan aji mai mutum 30 ya yi wasa na minti 20 inda mutum ɗaya ke magana saura na kallo, to rabon kowa bai wuce daƙiƙa 40 ba, ko da malamin bai ce komai ba, abin da ba ya faruwa. Idan aka raba su bibbiyu, rabon kowa ya zama minti goma. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya kori wasannin da ake fitar da wanda ya yi kuskure, domin wanda ya fi rauni shi ke fara fita, ya zauna yana kallon waɗanda suka fi shi suna ƙara samun horo. Haka nan a ƙungiyar da ta wuce mutum huɗu ko biyar akan sami wani mai baki ya mamaye fagen, abin da ake magancewa ta hanyar raba wa kowa tsakuwa uku, ya ajiye ɗaya duk lokacin da ya yi magana, ba zai sake ba sai kowa ya ƙarar da nasa.

Matsala ta biyu ita ce zamewa zuwa harshen gida, wadda ta fi tsanani a ajin da kowa ke jin Hausa, ko a Kano ake koyon Turanci ko a Damagaram ake koyon Faransanci. Idan gasa ta yi zafi, Hausa ita ce gajeriyar hanya, kuma tara ko tsawa ba sa hana bin ta na dogon lokaci. Sau da yawa dalilin shi ne ba a ba ɗalibai kalmomin tafiyar da wasan kansa ba, irin su sake faɗa, ban gane ba, kai ne da wasa, me kake nufi, don haka ya kamata a koyar da waɗannan kafin a fara, a bar su a rubuce a kan allo. Wata alamar lalacewa kuma ita ce magana ta koma guntaye, kalma ɗaya ɗaya da nuni da hannu, wanda yawanci agogo ne ke jawo shi. Ƙayyade lokaci sosai yana da amfani idan ana son saurin fitar da abin da aka riga aka iya, amma idan tsarin jimlar sabo ne, gara a cire agogon gaba ɗaya.

Sai batun girma, wanda littattafan da aka rubuta don yara ba sa lura da shi. Magidanci mai shekara hamsin da ya rufe shagonsa ya zo aji ba zai yi tsalle ko kwaikwayon kukan dabba a gaban sa'o'in 'ya'yansa ba, kuma matar da ke zaune aji ɗaya da surukarta ba za ta saki baki ba ko da ta san amsar. Wannan kunya ba taurin kai ba ce, kuma tsarin wasan ne ya kamata ya yi la'akari da ita, ta hanyar haɗa sa'a da sa'a, da ɗauko abin wasan daga sana'ar masu koyo, da kuma gaya musu tun farko wane tsarin jimla ake son su kama, tun da baligi yana son ya san abin da lokacinsa ke saya masa. Wasannin da ake ɗaukar matsayin wani, kamar wanda ake zargi ko mai sayar da kaya, suna da wata fa'ida a nan, domin kuskuren yakan zama kamar na wanda ake kwaikwaya ne, dariyar ma a kansa take sauka. Gyaran da bai shafi dokar wasan ba kuwa sai a jinkirta shi: malami ya zagaya yana rubuta jimloli biyar ko shida da ya ji, bayan an gama ya sa su a allo ba tare da sunan masu su ba, ajin ya gyara tare.

Abin da ya rage shi ne mantuwa, domin kalmar da aka yi wasa da ita ranar Asabar tana iya ɓacewa kafin Laraba. A wani gwaji da Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka wallafa a 2008, an koya wa ɗaliban jami'a a Amurka kalmomin Suwahili 40 da ma'anarsu, sannan aka gwada su bayan mako guda. Waɗanda aka ci gaba da sa su zaƙulo kalmomin daga ka sun tuna kusan kashi 80 cikin 100, alhali waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun amsa ta daidai sau ɗaya ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, ko da an ci gaba da nuna musu ita suna karantawa. Ma'anar wannan ga mai shirya wasa ita ce maimaita wasa ɗaya da kalmomin makon jiya ya fi kawo sabon wasa kullum, kuma kalmar da aka amsa daidai bai kamata a jefar da ita ba, sai dai a dawo da ita bayan kwana biyu, sannan mako, sannan wata.

Da wannan ma'auni ne kuma za a iya duba manhajojin waya. Wordle, wanda Josh Wardle ya saki a 2021, yana ba mutum damar canka sau shida don gano kalma mai haruffa biyar, kuma ɗan uwan Sikirabul ne, tun da ana iya cin sa ba tare da sanin ma'anar kalmar ba. Duolingo, wanda aka buɗe wa jama'a a 2012, ya ƙware wajen dawo da mutum kullum ta hanyar maki da ƙirgen kwanakin da bai yi fashi ba, yana kuma maimaita kalmomi a kan kari, wanda abu ne mai kyau. Sai dai yawancin aikin da yake bayarwa zaɓe ne daga kalmomin da aka riga aka jera a fuskar waya, wato ganewa, kuma a irin wannan aiki babu wanda ke jiran wani bayani daga bakin mai wasan. Mutum yana iya riƙe ƙirgen kwana 300 da darasin minti biyu a kowace rana. A cikin minti goma na tambayoyi ashirin da abokin zama kuwa, zai gina tambayoyi ashirin zuwa talatin da bakinsa, ya kuma saurari amsar kowace ɗaya kafin ya san ta gaba.